Hawa-hawan ƙasa: abin da bangon rami yake nunawa a kudancin Nijar

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin sabuwar rijiya ko ramin da ake ɗebo ƙasar gini ya ga launin ƙasa yana sauyawa daga sama zuwa ƙasa. Na sama ya ɗan yi duhu, na tsakiya ya yi ja, can ƙasa kuma sai a tarar da fari-fari ko tsakuwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shimfiɗu shi ne masana ilimin ƙasa suke kira hawa, da Faransanci kuma su ce orizon. Jerinsu gaba ɗaya, daga doron ƙasa har zuwa abin da ƙasar ta samo asali daga gare shi, shi ne tsarin ƙasar wurin. Wannan tsari ne yake bayyana dalilin da ya sa gonaki biyu da ke maƙwabtaka, ruwan sama ɗaya, iri ɗaya, amma ɗaya ta cika rumbu ɗaya kuma ta kasa maido da iri.

Ba zuba hawan nan aka yi ɗaya bisa ɗaya ba, kamar yadda magini yake jera tubali. Da farko abu guda ne, rairayi ko ruɓaɓɓen dutse, mai kama ɗaya daga sama har ƙasa. Ruwa da saiwoyi da ƙwari ne suka rarrabe shi a hankali: suka ƙara wani abu a sama, suka wanke wani abu zuwa ƙasa, suka sauya launin wani sashe. Masanin ƙasar Rasha Vasili Dokucayef ne ya fara kafa wannan fahimta a aikinsa na shekarar 1883 a kan baƙar ƙasar Rasha, sannan Hans Jenny ya tsara ta a littafinsa na 1941, inda ya lissafa abubuwa biyar da ke gina ƙasa: asalin abin da ta fito daga ciki, yanayi, masu rai, gangaren wuri da kuma lokaci.

Haruffan da ake sa wa hawa

Masana sun daidaita a kan wasu haruffa. Hawan O shi ne shimfiɗar ganyaye da tarkacen ciyawa da ke ruɓewa a bisa ƙasa. A dazuzzuka masu ruwa yana da kauri, amma a gonakin kudancin Nijar kusan babu shi, domin gara tana cinye tarkacen, dabbobi suna kiwo, kara kuma ana kwashe shi don darni da girki da abincin bisashe. Sai a gindin wasu itatuwa masu duhuwa ake ganin ɗan alamarsa.

Hawan A shi ne na sama da hauya take taɓawa. A nan ne ruɓaɓɓen tsiro ya gauraye da rairayi ya ba shi ɗan duhu, a nan ne kuma mafi yawan ƙananan saiwoyi suke. Ƙarƙashinsa a wasu ƙasashe akan samu hawan E, mai haske kamar toka, wanda ruwa ya wanke masa laka da ƙarfe. Sai hawan B, inda abin da aka wanko daga sama yake taruwa, ko kuma inda asalin ƙasar ya sauya launi da ƙira. Galibi ya fi na sama ja, ya fi shi tauri. Hawan C shi ne asalin abin da ƙasar ta fito daga ciki, wanda bai sauya sosai ba tukuna. Harafin R kuma na dutse ne mai tauri da ba a haƙa shi da shebur.

Ba dole ba ne kowace ƙasa ta cika waɗannan haruffa. Sabon tudun rairayi C ne kawai daga sama har ƙasa. Fako kuwa sau da yawa B ne a fili, A ɗinsa ya tafi.

Yadda ake karanta rami

Ana haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya da rabi, da faɗin da mutum zai iya shiga ya tsuguna, a bar bango ɗaya yana fuskantar rana, kada a taka bakinsa kuma kada a zuba ƙasar da aka fitar a wannan gefen. Sai a kankare bangon da wuƙa daga sama zuwa ƙasa, a ja layi duk inda launi ko tauri ya sauya, a auna zurfin kowane hawa da santimita.

Gwaji mafi amfani ba ya buƙatar na'ura. Ana ɗibar ƙasa daga kowane hawa, a ɗan jiƙa ta, a murza a tafin hannu. Idan ta ƙi dunƙulewa, rairayi ne zalla. Idan ta dunƙule amma ta wargaje da an taɓa, akwai ɗan laka kaɗan. Idan ta yi igiya, lakar ta yi yawa, idan kuma igiyar ta lanƙwasu ta yi zobe ba ta tsinke ba, to laka ce sosai. Ɗigon ruwan tsami a kan ƙasa yana nuna ko akwai farar ƙasa mai alli: in akwai, sai ta yi kumfa.

Launi kuma yana ba da labarin ruwa. Ja da ruwan goro tsatsar ƙarfe ce, kuma tsatsa ba ta samuwa sai inda iska take shiga, wato ƙasar tana tsane ruwa da kyau. Ruwan toka ko shuɗi-shuɗi yana nufin ruwa yana kwanciya watanni har iska ta ƙare. Idan aka ga toka mai ɗige-ɗigen tsatsa, to a nan ne ruwan ƙarƙashin ƙasa yake hawa da sauka tsakanin damana da rani. Mai niyyar dasa mangwaro ko gina ɗaki a kwari zai amfana da sanin zurfin da waɗannan ɗige-ɗige suka fara, ko da ramin a bushe yake ranar da aka haƙa shi.

Asalin ƙasa: rairayi ya rufe kusan komai

A littattafan makaranta akan nuna dutse yana ruɓewa ya zama ƙasar da ke bisansa. A mafi yawan gonakin hatsi na jihohin Maraɗi da Damagaram abin ba haka yake ba. Asalin ƙasar ba dutsen da ke can ƙasa ba ne, rairayi ne da iska ta kawo ta shimfiɗa a zamanin wani dogon fari, wajen shekaru dubu 20 zuwa dubu 12 da suka wuce, lokacin da hamada ta gangaro kudu fiye da inda take yau. Da ruwa ya dawo, tsirrai suka kama tuddan suka tsayar da su. Jigawar da ake nomawa a yau, waɗannan tsofaffin tuddai ne.

Wannan asali shi ne tushen halin jigawa. Ƙwayar rairayi kusan duk ma'adini ɗaya ce mai taurin gaske, wadda ba ta ruɓewa ta saki abincin shuka. Don haka komai daɗewarta ba ta iya haifar da laka mai yawa. A tashar binciken ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ƙasar sama ta haura kashi 90 cikin 100 rairayi, tana da tsami, sinadarin fosfor kuma ya yi ƙaranci ƙwarai. Irin wannan hali ne ake samu a jigawa da yawa na ƙasar.

Inda dutse ya fito fili, labarin ya bambanta. Duwatsun Damagaram da Muniyo da na kudancin Maraɗi wajen Ɗan Isa irin dutsen nan ne mai ƙwaya-ƙwaya, kuma idan ya ruɓe yakan ba da tsakuwa da rairayi mai kaushi gauraye da laka. A Adar kuwa, gangaren tsaunuka na ɗauke da duwatsu masu alli da laka, ragowar tekun da ya taɓa rufe yankin miliyoyin shekaru da suka shuɗe. Abin da ruwa ya wanko daga cikinsu ya tara a kwaruruka irin na Magiya da Keita shi ne ƙasa mai nauyi, mai alli, wadda ta fi jigawa ƙarfi nesa ba kusa ba. Albasar Galmi a irin wannan ƙasar kwari take fitowa.

Akwai wata laka mai duhu da ke kumbura idan ta jiƙa, ta tsattsage idan ta bushe har hannu ya iya shiga. Ƙasar sama tana zubawa cikin tsagar da rani, damana ta zo ta rufe, sai ƙasar ta riƙa juya kanta. Shi ya sa a irin wannan wuri da wuya a ga layi tsakanin A da B: launi ɗaya ne har zurfin mita.

Yanayi da masu rai

Ruwan sama shi ne mai ɗaukar kaya daga hawa zuwa hawa, kuma zurfin da yake kaiwa shi ne zurfin da yake iya aiki. A Gaya, inda ake samun wajen milimita 800 a shekara, ruwa yana ratsa ƙasa sosai, yana wanke ƙwayoyin laka daga A zuwa B, sai bambancin hawan ya fito fili. A wajajen Tawa da arewacin Damagaram, inda ruwan bai kai rabin haka ba a shekaru da yawa, jiƙar ba ta zurfi, hawan ba su rarrabu sosai ba, alli kuma yakan tsaya kusa da sama a ƙasar da take da shi.

Zafi kuma yana ƙone abin da ya ruɓe da sauri. Da zarar an yi ruwan fari, ƙananan halittun cikin ƙasa sukan farka su cinye tarkacen tsiro cikin ƴan makonni. Wannan ne ya sa A na Sahel siriri ne kuma mai haske, ba kamar baƙar ƙasar Rasha da Dokucayef ya yi nazari ba, inda sanyi yake barin ruɓaɓɓen ciyawa ya taru har zurfin mita.

Abu biyu suna ɗan rama wa jigawa. Na ɗaya ƙurar hunturu, wadda akasarinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, tana sauke ƴan sinadarai irin su alli da fotash kowace shekara. Na biyu itatuwa da gara. Gawo yana tura saiwa can ƙasa, ya zubar da ganyensa da shigowar damana, dabbobi kuma su sha inuwarsa da rani su bar kashi, shi ya sa A na gindinsa ya fi duhu kuma hatsin wurin ya fi tsayi. Gara kuwa tana hawo da laka daga hawan B don gina suri. Launin suri, ga mai lura, samfuri ne na abin da ke ƙarƙashin gona ba tare da an haƙa ba.

Gangare: daga tudu zuwa gulbi

Inda aka fi ganin aikin waɗannan abubuwa tare shi ne a bi gangare ɗaya daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda ake samu a gefen Gulbin Maraɗi. Ruwan sama ɗaya ne a duk tsawon gangaren, amma ramuka uku za su nuna ƙasa iri uku.

Rami na farko a kan jigawa, a saman tudu. Santimita 15 zuwa 20 na sama rairayi ne mai ɗan ruwan ƙasa, sako-sako, cike da ƙananan saiwoyi: A ke nan. Daga nan launi yana ƙara ja a hankali ba tare da wani layi ba, har zuwa mita ɗaya ko fiye, kuma idan aka murza yakan ɗan dunƙule: B ke nan, inda tsatsar ƙarfe da ƴar laka suka lulluɓe ƙwayoyin rairayi. Can ƙasa jan yana dusashewa ya koma rawaya, wato C. Wannan ƙasa tana shan kusan duk ruwan da ya sauka, tana da sauƙin noma, saiwar hatsi kuma tana nitsewa fiye da mita ta bi danshi. Rauninta shi ne ba ta riƙe taki. Abin da aka zuba da yawa a lokaci ɗaya, ruwa mai ƙarfi yana iya wuce da shi ƙasa da inda saiwar ƙaramar shuka take kaiwa, shi ya sa ake ba da shawarar sa takin zamani kaɗan a gindin shuka maimakon watsa shi.

Rami na biyu a tsakiyar gangare, inda rairayin ya yi siriri ko ya ƙare. Manoma suna kiran irin wannan ƙasa geza, sunan da ta yi tarayya da ɗan icen da ke son ƙasa mai tauri. A nan shebur yana fara jin ƙarfi tun daga sama. A bai wuce ƴan santimita ba, a wani wurin ma babu shi, sai jan hawa mai tauri wanda ya fi na jigawa laka, wani lokaci da tsakuwar marmara a ciki. A bisa fuskar akwai ɓawo siriri, kaurinsa bai fi na farce ba, wanda ɗigon ruwan sama ya daddaƙe. Wannan ɗan ɓawo ne yake hana ruwa shiga. Geza ta fi jigawa sinadarai, amma a shekarar ƙarancin ruwa ita take fara ƙonewa, domin babban kaso na ruwan da ya sauka mata gangarewa yake yi. Idan abin ya yi tsanani har ciyawa ta daina fitowa, ta zama fako.

Rami na uku a fadama. A yana da duhu da kauri, ƙasar tana yin igiya a hannu, ɗige-ɗigen tsatsa kuma suna bayyana tun kafin a kai mita, daga nan sai ruwan toka, wani lokaci har ruwa ya fara tsattsafowa. Duk abin da tudu da gangare suka rasa, laka da ruɓaɓɓen tsiro da ruwa, nan ya sauko. Arzikin fadama asarar tudu ce.

A wannan rami na uku ne ake yawan kuskure. Akan ga shimfiɗar laka, sai ta rairayi, sai wata lakar kuma, kowace da layi kaifi kamar an yanka da wuƙa. Waɗannan ba hawa ba ne a ma'anar da aka bayyana, kayan ambaliya ne, kowace shimfiɗa da shekarar da gulbi ya kawo ta. Ana gane bambancin ta bakin layin: hawa na gaskiya yakan narke cikin na ƙasansa a hankali, kayan ambaliya kuwa sukan yanke farat ɗaya, kuma ba sa bin jerin A, B, C. Haka nan idan aka tarar da baƙar shimfiɗa a zurfin rabin mita ƙarƙashin farin rairayi, tsohon A ne da kori ko iska suka binne. Manoman kwari da rairayi ya cinye wa gona sukan same shi idan sun haƙa.

A kwaruruka marasa mafita, kamar na wajajen Gure da Maine Sorowa, da kuma wasu sassan Dallol Boso, ruwan ƙasa yana kusa, rana tana janyo shi sama ya ƙafe ya bar gishiri da kanwa a fuska. A nan tafiyar kayan ta juya: daga ƙasa suke hawa sama. Lambun da ake ba ruwa ba tare da magudana ba yana iya kamuwa da wannan ciwo, alamarsa ta farko farin ɓawo a bakin fangali.

Lokaci

Tsofaffin tuddan da suka daɗe a tsaye sun fi ja kuma B ɗinsu ya fi kauri, sababbi kuwa fari ne ko rawaya. Yawancin wannan ja bai samu a yanayin yau ba. Tsakanin shekaru kimanin dubu 11 zuwa dubu 5 da suka wuce yankin ya fi yanzu ruwa nesa, har tafkin Cadi ya kai girman ƙaramin teku, kuma irin waɗannan zamunna masu ruwa ne suka yi mafi yawan aikin. Marmarar da ta rufe saman tsaunukan Yamai da Doso da Adar ta fi haka tsufa ƙwarai. Ƙarfe ne da ya taru a cikin ƙasa a wani yanayi mai ruwa, da zaizaya ta kwashe abin da ke bisansa ya sha rana ya ƙandare, kuma idan ya ƙandare ba ya sake laushi. Wato mai tafiya a kan waɗannan tsaunuka a kan wani tsohon hawan ciki yake takawa.

Lissafi kaɗan yana nuna girman abin. Hekta ɗaya murabba'in mita dubu 10 ce. Santimita ɗaya na ƙasa a kan hekta ya kama mita 100 na cikin awo, kowace mita ɗaya kuma tana da nauyin kamar tan ɗaya da rabi, jimla tan 150. Hawan A mai santimita 20 ya kama tan dubu 3. Idan ruɓaɓɓen tsiron da ke ciki kashi 0,4 ne cikin 100, wanda ba baƙon abu ba ne a jigawa, duk abin da hektar ta mallaka tan 12 ne, kuma ya fi taruwa a can sama. Gonar da iska da ruwa suke kwashe wa milimita 2 a shekara tana asarar tan 30 ba tare da mai ita ya ga wani rami ba, a shekara 50 kuma rabin A ya tafi. Samuwar santimita ɗaya daga dutse kuwa aikin ɗaruruwan shekaru ne.

Alamomin sukan fito kafin amfanin gona ya faɗi: saiwoyin sabara da kalgo a waje, tsakuwa tana yawaita a fuska, jajayen tabo suna bayyana a tsakiyar gonar da a da launinta ɗaya ne. Jan tabon nan B ne ya leƙo.

Dabarar tassa da ta bazu a jihar Tawa, musamman yankin Illela tun ƙarshen shekarun 1980, a kan wannan fahimta take aiki. Ana haƙa ƙananan ramuka a fako da rani, faɗin santimita 20 zuwa 30 da zurfin 15 zuwa 20, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Ramin ya fasa ɓawo, iska tana zuba masa rairayi da tarkace, takin kuma yana janyo gara ta huda hanyoyin da ruwa zai bi. A taƙaice ana ƙera ɗan ƙaramin A ne a cikin B. Amma dabarar tana da iyaka. A jigawa mai zurfi ramin rushewa yake yi kuma babu ɓawo mai taurin da zai fasa, a laka mai nauyi ruwa yakan kwanta ya shaƙe shuka, inda kuma marmara take a zurfin taƙi ɗaya, saiwa ba ta da inda za ta nufa ko da an cika ramin da taki.